Abin da +1.00 ke nufi, da abin da ɗan wasa zai yi da shi

A ranar 26 ga Nuwamba 2018, a unguwar Holborn da ke birnin Landan, Magnus Carlsen ya yi takunsa na 31 a wasa na goma sha biyu na gasar kambun duniya ta ces, wato shaɗaranji, sannan ya yi wa Fabiano Caruana tayin canjaras. Dubban mutane da ke kallo ta intanet sun yi mamaki. A gefen allon da suke kallo akwai lamba, kuma lambar tana cewa Carlsen, wanda ke riƙe da baƙaƙen 'ya'ya, yana gaba da kusan dakare ɗaya. Ya kuma fi abokin karawarsa sauran lokaci a agogo. Wasanni goma sha ɗaya da suka gabata duk canjaras aka yi, don haka wanda ya ci wannan ya ɗauki kambun. Caruana ya yi tunani, ya miƙa hannu, aka tashi.

An soki Carlsen ƙwarai a daren nan. Garry Kasparov, tsohon zakaran duniya, ya ce abin da ya gani ya sa ya janye hasashensa cewa Carlsen ne zai yi rinjaye a wasannin raba gardama. Galibin masu sukar kuwa ba Kasparov ba ne, mutane ne da hujjarsu kaɗai ita ce lambar da ke gefen allo. Lambar ba ta yi ƙarya ba. Sai dai tambayar da ta amsa daban take da tambayar da ke gaban mutumin da ke zaune a kan kujera.

Asalin ma'aunin mai sauƙi ne. Tun kafin kwamfuta, malaman ces sun saba ƙiyasta darajar kowane ɗa da dakare, wato ƙaramin sojan da ke jere a sahun gaba. Dakare ɗaya ne, doki uku, giwa mai tafiya a karkace (haka Larabawa ke kiranta) ita ma uku, hasumiya biyar, sarauniya tara. Da aka fara rubuta manhajojin wasan, sai aka gaji wannan awo, aka raba dakare gida ɗari domin a samu damar auna ƙananan abubuwa kamar tsaron sarki da sararin motsi. Saboda haka +0.35 na nufin Fari yana gaba da kashi 35 cikin ɗari na dakare, -1.20 kuma na nufin Baƙi ne ke gaba. Idan injin ya hango kisan sarki wanda babu makawa, yakan ajiye lissafin dakaru ya rubuta adadin takun da suka rage.

Amma sunan ma'aunin ya daɗe da rabuwa da abin da ake aunawa. Tun daga 2020, da fitowar Stockfish 12, injin da aka fi amfani da shi a duniya ya koma tantance matsayi da tsarin da ya koyi hukunci daga ɗimbin misalai, maimakon ƙirga 'ya'ya da dokokin da mutum ya rubuta. A ƙarshen 2022 kuma, a Stockfish 15.1, masu kula da shi suka ɗaure lambar da ma'ana guda: +1.00 shi ne matsayin da, in inji ya ci gaba da wasa da inji irinsa, mai rinjayen zai ci rabin wasannin, sauran rabin kuma kusan duka canjaras. Ke nan +1.00 na yau ba ya cewa akwai rarar dakare a kan allo. Ana iya ganinsa alhali 'ya'yan kowa daidai suke, ana kuma iya samun rarar dakare na zahiri injin ya rubuta +0.20. Wannan ne ma dalilin da ya sa lambar da aka gani a Landan a 2018 ba ta kwatantuwa kai tsaye da wadda sabon inji zai nuna a kan matsayi ɗaya.

Kalmar da ta fi muhimmanci a wannan bayani ita ce inji da inji. Lambar tana ɗaukar cewa daga nan zuwa ƙarshe kowane ɓangare zai yi mafi kyawun taku, ba gajiya, ba agogo, ba fargaba. Gasar Landan ɗin ta riga ta nuna nisan wannan zato daga gaskiyar mutum, kwana goma kafin wasan da aka yi ta cece-kuce a kansa.

A wasa na shida, ranar 16 ga Nuwamba, Caruana ne ke da baƙaƙe, kuma an kai ƙarshen wasa inda yake da rarar ɗa, Carlsen kuma ya gina abin da ake kira kagara, wato tsarin tsaro da ake zaton ba ya ɓalluwa. A wajen taku na 68, wata babbar kwamfuta a Norway mai suna Sesse, wadda ke tafiyar da Stockfish, ta sanar da kisan sarki cikin taku kusan 30. Hanyar tana farawa da `68...Bh4`, kuma bayan taku biyu tana buƙatar Caruana ya kai dokinsa gidan g1, can ƙuryar sahun abokin gaba, inda ga idon kowane ɗan wasa dokin ya kulle kansa. Caruana bai gani ba, aka yi canjaras a taku na 80. Ko bayan an nuna wa manyan gwanaye hanyar, sai da suka sha wuya kafin su iya bayyana dalilinta. A lissafin inji, Caruana ya zubar da nasara tabbatacciya. A lissafin mutane, babu abin da ya zubar, domin hanyar da mutum na biyu a duniya ba zai iya gani ba bayan sa'o'i shida a zaune, ba ta cikin abin da yake da shi. Wanda ya kira wannan kuskure ya auna Caruana da mudun da ba nasa ba.

To, idan lambar ba umarni ba ce, yaya ake mayar da ita shawara? Amfani da inji a tsakiyar wasa maguɗi ne da ake hukunta mai yinsa, don haka wurin wannan aiki shi ne kafin wasa, lokacin shirya buɗewa, da bayan wasa, lokacin bitar abin da ya faru. A nan ne talaka mai wasa a waya da zakaran duniya suke haɗuwa da matsala iri ɗaya.

Matakin farko shi ne a sauya dakaru zuwa yiwuwar sakamako, domin ma'aunin ba a miƙe yake ba. Dandalin Lichess yana amfani da wani lissafi da aka ciro daga wasannin mutane na gaske, inda `cp` ke nufin lambar a kashi ɗari na dakare:

```
50 + 50 * (2 / (1 + exp(-0.00368208 * cp)) - 1)
```

Idan aka saka lambobi, +1.00 yana ba da kusan 59 cikin ɗari, +2.00 kusan 68, +3.00 kusan 75, +5.00 kusan 86, +8.00 kuma 95. Abin lura shi ne inda nauyin yake. Wanda ya faɗo daga +2.00 zuwa 0.00 ya yi asarar kusan kashi 18. Wanda ya faɗo daga +8.00 zuwa +6.00, shi ma dakare biyu ne a rubuce, amma bai rasa fiye da kashi 5 ba. Mai bitar wasansa da ya ga lambar ta sauko daga +9 zuwa +6 saboda ya yi musayar sarauniya da sarauniya don ya kashe duk wata barazana, bai kamata ya ɓata minti ɗaya yana nadama ba. Sau da yawa wannan shi ne takun da ya fi kowane hikima a wasan. Wurin da ya cancanci a zauna a kai shi ne inda +0.30 ya koma -1.10, ko da faɗuwar ta fi ƙanƙanta a ido.

Akwai kuma bambanci tsakanin 59 na Lichess da rabin nasarar da Stockfish ke nufi, kuma bambancin yana da darasi. A hannun inji, mai +1.00 kusan ba ya shan kaye, ko dai ya ci ko a yi canjaras, wanda ke ba shi kusan kashi 75 na maki. A hannun mutane, rinjayen ya ragu zuwa 59, saboda mutane suna zubar da abin da suka tara. Gwargwadon raunin ɗan wasa, gwargwadon yadda lambar ke rasa ƙarfi. Tsakanin masu koyo biyu da ke sakin doki kyauta a kowane wasa, +1.00 da 0.00 kusan abu ɗaya ne.

Mataki na biyu ya fi na farko amfani, kuma shi ne wanda aka fi tsallakewa. Lambar tana faɗin inda hanya ta nufa, ba ta faɗin faɗin hanyar. Ana gane faɗin ne ta hanyar sa injin ya nuna taku uku ko huɗu mafiya kyau a lokaci guda, maimakon ɗaya. Kusan kowace manhajar nazari tana da maɓallin ƙara layuka, kuma ga mai magana da Stockfish kai tsaye umarnin shi ne:

```
setoption name MultiPV value 3
setoption name UCI_ShowWDL value true
```

Layi na biyu yana sa injin ya ƙara lambobi uku, na nasara da canjaras da kaye, a kashi dubu. Akwai wani tarko a nan da ke kama sababbi: a ɗanyen rubutun da injin ke fitarwa, lambar tana bin ɓangaren da ke da taku ne, alhali yawancin manhajoji suna juya ta ta zama daga mahangar Fari. Wanda bai duba wannan ba yana iya karanta hasara a matsayin riba.

Ga misali na kwatance. Wani ɗan wasa mai matsakaicin ƙarfi yana shirya buɗewar da zai yi da farare, ya isa mararraba, injin ya nuna masa taku biyu. Na farko +1.80, yana sadaukar da doki don a buɗe sarkin abokin gaba. Na biyu +1.10, yana cin dakare ɗaya ya yi musayar sarauniyoyi. Ta lissafin Lichess, 66 ne da 60, tazarar kashi shida, kuma ido yana karkata ga na farko. Sai ya bi kowace hanya taku biyar gaba, yana duba tazarar da ke tsakanin layi na ɗaya da na biyu a duk lokacin da taku ya zo kansa. A hanyar sadaukarwa, ya tarar sau uku a jere akwai taku ɗaya tak da ke riƙe rinjayen: layin farko +1.80, na biyu -0.90, domin ya riga ya ba da doki, kuma in harin ya tsaya babu abin da zai mayar masa da shi. A hanyar musaya kuwa, layuka ukun suna cewa +1.10, +1.00, +0.90, wato duk abin da ya yi mai ma'ana rinjayen yana nan.

Yanzu sai tambayar gaskiya, wadda injin ba zai amsa masa ba: a cikin takun nan uku, nawa zai gano da kansa in ya manta abin da ya haddace, ko in abokin karawar ya kauce daga hanyar? A ce yana da yiwuwar 80 cikin ɗari na gano kowanne, wanda ba ƙaramin yabo ba ne. Uku a jere ya zama 0.8 sau 0.8 sau 0.8, wato kusan 51 cikin ɗari. Rabin lokaci yana kan 66, rabin lokaci kuma ya faɗa -0.90, wanda ke daidai da kusan 42. Matsakaicinsu 54 ne. Hanyar da ta fi ƙaramar lamba tana nan a kan 60 ko kusa da haka. Ga wannan mutum, +1.10 ya fi +1.80 girma.

Haka ake juya awon a kan abokin gaba. Matsayin da injin ya rubuta 0.00 yana iya zama matacce, inda kowane taku ke kai wa canjaras, yana kuma iya zama siraɗi, inda ɗaya ɓangaren sai ya yi taku biyar na tilas kafin ya tsira. Manyan 'yan wasa na wannan zamani suna kwana suna neman 0.00 iri na biyu, har sukan karɓi -0.30 da gangan, muddin su sun san hanyar abokin karawa kuma bai sani ba. Gwajin da ya fi sauƙi ga mai nazari shi ne ya kashe injin, ya faɗi da bakinsa, cikin jimla ɗaya ko biyu, dalilin da ya sa wannan ɓangare ke gaba da kuma abin da zai yi a taku biyar masu zuwa. In ya iya cewa dakarensa na gefe ba shi da mai tare shi kuma sarkinsa ya fi kusa, rinjayen nasa ne. In abin da zai iya faɗi kawai shi ne injin ya ce +1.40, to rinjayen yana hannun injin.

Wani lokaci kuma lambar kanta ce ke da rauni, kuma akwai alamu. Ta farko ita ce zurfi, wato yawan takun da injin ya leƙa gaba, wanda ake rubutawa kusa da lambar. Hukuncin da waya ta bayar cikin daƙiƙa biyu yana iya sauyawa in an bar shi minti guda, musamman a matsayi mai cike da kai hari. Lambar da ke tsalle yayin da zurfin ke ƙaruwa ba ta nuna ba tukuna. Alama ta biyu akasin wannan ce: lamba babba da ta ƙi motsi. In injin ya tsaya a +1.50, zurfi yana ƙaruwa ba ta ƙaru ba, layuka uku duk lamba ɗaya, takun kuma kai da komo ne kawai, to akwai zaton kagara ce. Nasara ta gaske tana girma in an bi ta, +1.50 ya zama +3 ya zama +6. Tsohon misalin da kowane malami ke koyarwa shi ne sarki da giwa da dakaren gefe a kan sarki tilo: in giwar ba ta taka launin gidan kusurwar da dakaren zai ƙare, kuma sarkin da ke kare kansa ya riga ya isa kusurwar, canjaras ne, duk da rarar darajar dakaru huɗu. Injinan yau sun san wannan, amma danginsa masu rikitarwa har yanzu suna ruɗa su.

Abu na ƙarshe da lambar ba ta sani ba shi ne abin da mutum ke nema a ranar, kuma wannan ne ya dawo da zance kan Carlsen. A jerin ƙarfi na dogon wasa, shi da Caruana kusan kai ɗaya suke, 2835 da 2832. A wasan sauri kuwa, wanda da shi za a raba gardama, Carlsen ya fi shi da kimanin maki 90, tazarar da ke nufin kusan kashi 63 na maki a kowane wasa. Canjaras a wasa na goma sha biyu yana kai shi filin da ya fi ƙarfi. Ci gaba da wasa yana buɗe ƙofa uku: ya ci ya gama, a yi canjaras a je raba gardamar dai, ko ya sha kaye ya rasa kambun a taku ɗaya.

Ana iya auna wannan da lambobin kwatance. A ce Carlsen ya ƙiyasta damarsa a raba gardama da 70 cikin ɗari. In ya ci gaba ya yi nasara, ya ƙara 30 a kan abin da yake da shi. In ya sha kaye, ya rasa 70. Don haka ci gaba ba ya biya sai yiwuwar nasara ta ninka ta kaye fiye da sau biyu da sulusi. In nasara 30 ce, kaye 5, canjaras 65, jimlar damarsa ta zama kusan 75, masu sukarsa sun yi gaskiya. In nasara 25 ce, kaye 10, jimlar ta tsaya a 70 da ɗoriya kaɗan, babu riba. In kaye ya kai 15, ci gaba hasara ne. Duk hukuncin ya rataya a kan yiwuwar kaye, ita kuma ta dogara da abubuwan da ba sa cikin -1.00: cewa allon na cike da 'ya'ya, cewa fasa tsaron Fari yana buƙatar buɗe layukan da su ma za su iya zama hanyar ramuwa, da kuma halin da kan mutum ke ciki bayan mako biyu da rabi na fafatawa. Carlsen da kansa ya faɗa wa 'yan jarida bayan wasan cewa bai shigo da niyyar neman iyakar abin da za a iya samu ba, matsayi mai aminci yake so.

Masu sukar suna da hujja guda mai ƙarfi da bai kamata a danne ba. Matsayin yana da wuraren da Baƙi zai iya ci gaba da matsa lamba na wasu taku ba tare da ya buɗe komai ba, Caruana kuma agogo na cinsa, don haka ana iya cewa haɗarin ya fi kusa da 5 fiye da 15, kuma tayin ya zo da wuri. Wannan gardama ce ta ces, ana yin ta da duba allo da agogo, kuma Kasparov yana da ikon yin ta. Abin da ba ya tsayawa shi ne a ce tunda lambar ta nuna rinjaye, karɓar canjaras tsoro ne.

Bayan kwana biyu, ranar 28 ga Nuwamba, aka zauna wasannin sauri, minti 25 ga kowa da ƙarin daƙiƙa 10 a kowane taku. An tsara huɗu, ba a kai ga na huɗun ba, Carlsen ya ci uku a jere. Sakamakon bai tabbatar da cewa lissafinsa daidai ne ba, domin mai damar 70 yana faɗuwa sau uku cikin goma, kuma da ya faɗi da har yau ana kawo taku na 31 a matsayin misalin sakaci. Matsayin da aka bari a kan allo a wannan rana yana nan a taskokin wasanni, kuma duk wanda ya saka shi a inji zai ga Baƙi ne ke gaba.